Inuwar da ke Hannun Rigar Malam Umaru

Ina da wata 'yar matsala wadda matata ta ce ita za ta kai ni ƙasa kafin hawan jini: ban iya ce wa mutum "ba zai yiwu ba". Da na buɗe baki sai "zai yiwu" ya fito, tun kaina bai gama jin abin da ake tambaya ba. Ga mai ɗaukar hoto kuwa wannan ba ƙaramin ciwo ba ne. A shagona da ke Tudun Wada a Gusau na rage wa mutane tumbi, na mayar wa masu sanƙo gashi, na jingina wani da motar da ko ƙofarta bai taɓa buɗewa ba, duk saboda bakina ya riga ni.

Haka aka yi ranar da Malama Nana Khadija ta shigo. Malamar makaranta ce a Damba, kuma ni na ɗauki hotunan sunan duk 'ya'yanta. Ta zauna, muka gaisa, ta ciro wani tsohon hoto daga cikin jaka ta ajiye a kan teburina a hankali.

"Malam Yazidu, mahaifinmu ne wannan, Malam Umaru. Allah ya yi masa rasuwa da jimawa. Autarmu Zahra'u za a aurar a Bungudu, kuma ba mu da hoto ko ɗaya da muke tare da shi gaba ɗayanmu. Ina son ka haɗa mu. Zai yiwu?"

Na ce, "Zai yiwu."

Sannan na duba hoton. Dattijo ne zaune a kujera a ƙofar zaurensa, cikin farar babbar riga, da bille guda a kuncinsa na hagu. An yanke gefen hoton da almakashi, wai don ya shiga wani ƙaramin firem. Abin da na fara nema shi ne abin da kowane mai wannan aiki yake fara nema, wato inda rana take. Tana daman mai kallo, kuma ta yi ƙasa. Inuwar hancinsa ta kwanta zuwa hagu, ba ta sauko kan leɓe ba, bakinta kuma kaifi gare shi, alamar rana ce tsirara babu gajimare. Ɗan ƙyallin da ke cikin idonsa ma a dama yake. Akwai kuma wata inuwa mara siffa da ta faɗo a kan hannun rigarsa daga wannan gefen, ta wani abu da almakashi ya tafi da shi.

Na yi mata bayani cewa mamaci ba ya sake zama a ɗauke shi, saboda haka shi ne zai yi mana doka. Duk wanda zai shiga hoton nan, sai rana ta same shi ta inda ta sami Malam. Ido ba ya bukatar a koya masa wannan. Ko wanda bai taɓa riƙe kyamara ba, in ya ga mutum biyu a wuri ɗaya inuwarsu ta raba hanya, ransa zai ce masa akwai ƙarya, ko bai san inda take ba.

Muka je Bungudu da yamma. Zauren yana nan yadda yake. Na ajiye kujera babu kowa a kanta, na zaunar da mahaifiyarsu Inna Rabi da Nana Khadija da Zahra'u a tabarma daga hagu, ɗan'uwansu Bashiru ya tsaya a bayan kujera. Na jira har inuwar hancin Bashiru ta kwanta kamar ta mahaifinsa. Na duba ƙasa, na ga a wannan lokacin inuwar mutum ta kusa ninka tsayinsa. Na riƙe wannan a kaina, na ɗauka. Da na dawo shago na zaunar da Malam a kujerarsa, sai ka rantse da shi aka yi zaman. Inuwar nan ta hannun riga na goge ta, tunda babu kowa a daman da zai zama mai ita.

Saura mutum ɗaya, babban wansu Sabiru. Uba ɗaya suke, uwa daban. Tun yana ƙarami aka rabu da mahaifiyarsa, ya tashi a Tsafe wurin dangin uwa, can kuma yake da shagon taki da irin shuka. Bungudu sai Sallah ko rasuwa. 'Yan uwan Malam maza duk sun rasu, saboda haka shi ne zai zama waliyyin Zahra'u, an kuma riga an gaya wa dangin ango haka. Bai sami zuwa ɗaukar hoto ba, damina ce, kasuwarsa ke ci. Sai ya turo wanda aka ɗauke shi da waya a cikin shago.

Da na buɗe shi sai da na dafe kai. Haske daga ƙofar shago yake shigowa, ta hagu, mai laushi, babu inuwa mai kaifi ko ɗaya. Kuncin da ke da billen, irin na mahaifinsa sak, yana cikin duhu. Nana Khadija ta kira ta ce, "Ya turo ko? Zai yi?"

Kun san abin da na ce.

Na yanko shi na tsayar da shi a ƙarshen hagu, bayan matan, don can ne na ga fili. Na ƙara haske a wannan kunci, na rage a wancan, na ɗumama launin. Duk wanda ya yi aikin nan ya san iyakar wannan dabara: kana iya sa duhu ya yi fari, amma ba za ka iya tura inuwar hanci ta koma ɗaya gefen ba tare da fuskar ta zama ta roba ba. Na tura wa Nana Khadija gwaji, na rubuta mata cewa kada ta nuna wa kowa tukuna. Ita kuma ta nuna wa Zahra'u kawai. Zahra'u, don murna, ta saka a guruf ɗin hira na gidansu a waya.

Washegari da safe na tarar da su biyun a ƙofar shago kafin in buɗe. Idon Zahra'u ya kumbura. Nana Khadija ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta miƙo mini waya. Bashiru ne ya rubuta a ƙarƙashin hoton: "Kowa rana ɗaya ta haska shi, amma Yaya Sabiru da tasa ranar ya taho daga Tsafe. Kamar an liƙa shi da ƙaro." Da hotunan dariya a jere. A ƙasan wannan, layi ɗaya: Sabiru ya fita daga guruf.

"Bashiru wasa yake, bakinsa ne haka," in ji Nana Khadija. "Amma Yaya bai ɗauke shi wasa ba. Ya aiko wa Inna cewa tunda liƙa shi aka yi, a nemi wanda ba liƙe ba ya ba da aure. Ba zai zo ba."

Zahra'u ta ce, "Malam, ni ba hoton ne ya dame ni ba. Mi zan ce wa dangin mijina? Cewa ina da wa, yana raye, yana nan Tsafe, ya ƙi zuwa?"

Abin haushin shi ne Bashiru bai yi ƙarya ba. Ni na san haka tun kafin ya rubuta.

Na ce su shigo, akwai dabara. Na buɗe kwamfuta, na kama hoton Sabiru na juya shi kamar a madubi. Nan take haske ya koma dama. Na ɗan jingina da kujera ina jiran yabo. Zahra'u ta fara murmushi. Nana Khadija ta matso da fuskarta kusa da gilashin, ta daɗe, sannan ta ɗago ta dube ni irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya kwafi amsa har da sunan mai ita.

"Malam Yazidu, billensa fa?"

Na duba. Ya koma kuncin dama. Na Malam yana hagu.

"Abu ɗaya ke gare shi a fuska da ke cewa shi ɗan Baba ne," ta ce. "Mu ƙanana ba a yi mana ba. Shi kaɗai aka yi wa, da hannun wanzamin gidanmu. In ya ga ka mayar masa da shi wancan gefen, wallahi ko gaisuwar mutuwa ba zai ƙara zuwa Bungudu ba."

Na mayar da hoton yadda yake. Babu sauran dabara a cikin kwamfuta. Sai an sake ɗaukar mutumin, a rana, tana damansa yadda ya kamata. Fitilun shagona sai da lantarki, ba sa tafiya ko'ina, filashar kan kyamara kuwa gaba take bugawa, ta shafe inuwar da nake nema. Ɗaurin aure Asabar ne, kuma masu buga babban hoto sai na kai musu aiki ranar Juma'a da safe.

"Za ka je Tsafe?" in ji Zahra'u. "Zai yiwu?"

Tashi kawai na yi na fara haɗa jaka.

Ranar Alhamis Dogo ya ɗauke ni, direban da gidansu ke haya in za su yi tafiya. Tun kafin ya tayar da mota ya juyo ya kafa mini sharaɗi.

"Malam mai hoto, ka san yadda hanyar nan take kwanakin nan. Ni da an yi la'asar ba na son Tsafe ta gan ni. Iyali gare ni."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ni ma ba jarumi ba ne. Na riga na yi lissafina. Ba dole sai ranar yamma ba. Ranar safe ma, kafin ta hau, tsayinta ɗaya da ta yamma, kaifinta ɗaya. Abin da kawai zan yi shi ne in juya mutumin ya fuskanci kudu, ni in fuskanci arewa, gabas ta zama damana. Ɗan bambancin launi na gyara a shago. Kafin hantsi ya yi zafi mun gama mun juyo. Har na ɗan yaba wa kaina a cikin mota.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne Sabiru.

Mun same shi a shago, manoma sun yi masa layi. Dogon mutum ne mara yawan magana, da furfura kaɗan a gemu. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya, ya sa aka kawo benci da ruwa. Da na faɗi sunana da abin da ya kawo ni, fuskarsa ba ta motsa ba.

"Kai ne mai hoton."

"Ni ne, Alhaji."

"Ban je Makka ba. Zauna, in sallami mutane."

Na zauna. A gaban shagon akwai wani ginshiƙin rumfa, na kafa wa inuwarsa ido. Lokacin da muka iso ta kusa ninka shi. Ina kallo tana janyewa. Na tashi na ce, "Malam Sabiru, abin ba zai ɗauki lokaci ba, fita kawai za ka yi ka tsaya." Ya ce, "To," ya ci gaba da auna wa wani tsoho irin masara. Inuwar ta zo daidai tsayin ginshiƙin. Ta koma rabinsa. Daga nan ta shige ƙarƙashinsa ta kwanta. Ranar tsaka ba ta da amfani a wurina: hula za ta rufe goshi da inuwa, idanu su zama ramuka, inuwar hanci ta sauko kan baki. In na ɗauke shi a haka, Bashiru zai sami abin rubutawa na biyu.

Dogo ya leƙo daga mota. "An gama?"

"Ba a fara ba."

Ya dubi sama, ya dube ni, ya koma ya kwanta a kujera ba tare da ya ce komai ba. Na fi son a ce ya zage ni.

Sai bayan azahar Sabiru ya zauna kusa da ni a benci, aka kawo tuwo. Muka ci. Da ya wanke hannu ya ce, "Malam Yazidu, ka sha hanya, ba zan ɓoye maka ba. Ba ni da faɗa da kai. Kai abin da ka gani ka yi. Ka sa ni a ƙarshe, bayan mata, kamar maƙwabcin da ya zo wucewa. Ai haka nike a gidan. Yaron nan Bashiru faɗi kawai ya yi."

Na ce kuskuren nawa ne, na aiki, ba na gidansu ba. Na ce hasken ne bai dace ba.

"Haske," ya ce, ya yi ɗan murmushin da ba na dariya ba. "To ka gyara hasken ka bar ni."

"Ba ya gyaruwa sai da kai."

"Ashe akwai abin da ba ya yiwuwa sai da ni."

Sai na yi abin da na iya. Na ciro waya na buɗe hoton Malam na asali, wanda ban taɓa ba, wanda nake dubawa in zan daidaita rana. Na fara yi masa karatu kamar wanda ya tambaye ni: ga inuwar hanci, ga ƙyallin ido, ga inda rana take. Ya karɓi wayar. Na lura ba fuskar yake kallo ba.

"Wannan fa?" Ya ɗora yatsa a kan hannun rigar. "A wanda aka saka a guruf babu shi."

"Inuwa ce. Na goge ta."

"Inuwar mi?"

"Ta wani abu da ke tsaye a nan gefen, tsakanin Malam da rana. An yanke shi da almakashi."

Ya matso da wayar kusa da idonsa. Ya buɗa hoton da yatsu biyu har ya fashe, ya mayar.

"Babbar Sallah ce wannan," ya ce a hankali. "Na san rigar. Shekarar nan na je. Mai hoto ya zo da yamma a kan keke. Baba ya ce in zo in tsaya kusa da shi." Ya dafe goshi. "Na tuna ya kira ni. Ina jin nan gefen na tsaya."

Ya juyo ya dube ni sosai, karon farko tun safe.

"Kai ka san aikin nan. Zai yiwu inuwata ce?"

Ni dai a matsayina na mai sana'a, inuwar ta ɗan yi mini gajarta. Mutum tsaye, rana ta yi ƙasa haka, da na sa ran ta haura kafaɗa ta taɓa fuska. Amma in ya ɗan ja baya, ko ya ɗan matsa gefe, kafaɗarsa kawai ta tare ranar, to ana iya samun haka. Duk wannan yana cikin kaina yana jiran layi.

Na ce, "Zai yiwu."

Ya sunkuyar da kai. "Ashe har a nan ma yanke ni aka yi."

Na ga aikin ya juya zai hau kaina. Na yi sauri na ce Nana Khadija ta gaya mini firem ne ya yi ƙanƙanta, ba don kowa aka yanke ba. Na ce inuwar nan tana buƙatar mai ita. In na tsayar da shi a dama, kusa da kujera, sai in mayar da ita inda take, ba wanda zai ce an liƙa shi, don ga shaidarsa a jikin rigar mahaifinsa. Wannan kam gaskiya ce ta aiki, ko a gaban alƙali zan maimaita.

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya ce, "Yaushe rana za ta yi daidai?"

"Sai inuwar ginshiƙin nan ta kusa ninka shi."

Shi ma ya san me wannan ke nufi. Ya dubi motar Dogo.

Muka yi la'asar. Muna fitowa daga masallaci na ga abu biyu. Dogo ya juya kan mota ya fuskanci Gusau, injin na aiki. Daga gabas kuma hadari ya taso, baƙi, yana tafe da iskarsa. Yamma tana nan fes tukuna, amma in gajimare ya kai ga ranar, kaifin inuwa ya tafi, na koma inda na fara.

"Malam, shiga mu tafi," in ji Dogo.

"Saura kaɗan."

"Kaɗan ɗin nan tun safe nake jin sa. Dubi tasha. Motoci nawa ka gani sun rage?"

Na duba. Ba su da yawa, kuma waɗanda suka rage lodi suke da sauri, ba mai tsayawa ciniki.

Sabiru kuma sai ya ce ba zai tsaya kusa da mahaifinsa da rigar taki ba, zai je gida ya sako farar riga. Na buɗe baki in ce ba lokaci, na ji kaina ina cewa, "To, a yi sauri." Ya hau babur ya tafi.

Na sami fili a bayan shagon, inda babu bango ko bishiya da za ta tare yamma. Na fuskanci kudu, rana ta zauna a damana. Na ja layi a ƙasa inda zai tsaya, na ja baya daidai nisan da na tsaya a Bungudu, na sa kyamara a tsayin ƙirjina kamar yadda na yi can. Na kafa sanda a ƙasa ina auna inuwarta da taku. Ta wuce tsayinta da rabi. Iska ta fara kwasar ledoji. Dogo ya danna hon, ya sake dannawa.

"Wallahi Malam zan tafi in bar ka!"

"Zai dawo yanzu."

"In ka ga dama ka kwana kana jiran rana. Ni ba a hoto nake son 'ya'yana su riƙa ganina ba."

Maganarsa ta fi tawa ma'ana. Bakin hadarin ya wuce saman kanmu. Hasken ya zama ruwan ɗorawa, mai kyau ƙwarai, irin wanda ba ya daɗewa. Na gyara riƙon kyamara.

Sai ga babur. Sabiru ya sauko cikin farar babbar riga da ta sha guga, da hula. Na nuna masa layin. Ya tsaya ƙiƙam kamar za a yi masa katin shaida.

"Ɗan juyo da fuska dama kaɗan. A'a, damana. Ya isa. Sauke haɓa."

Na duba ta cikin kyamara. Inuwar hancinsa ta kwanta zuwa hagu, bakinta da kaifi. Ƙyallin ido yana dama. Billen ya fito a cikin rana, a kuncin da ya dace. Sai da na ɗan tsaya, don fuskar da nake gani na riga na shafe kwanaki ina kallonta a kan kujera.

"Malam Sabiru, kujerar tana nan gefenka. Ka ɗauka Malam yana zaune a kanta."

Kafaɗunsa suka sauko. Na danna, na danna, na sake dannawa. Ina cikin dannawa hasken ya mutu kamar an hure fitila, inuwar sandata ta ɓace daga ƙasa. Na koma baya a kyamara na duba. Akwai guda biyu masu kyau kafin gajimaren.

"Ya yi?" in ji shi.

"Ya yi." Wannan karon kaina da bakina tare suka faɗa.

Bai ce zai zo ba, ni ma ban tambaya ba. Dogo ya riga ya fara tafiya, da gudu na kama ƙofa. Muka bi bayan wasu motoci biyu da suka fita tare, ba wanda yake yarda a bar shi a baya. Ruwa ya sauko. Dogo ya kashe rediyo, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon daji dama da hagu. Duk inda hanya ta lanƙwasa sai na ga bakinsa yana motsi. Wani wuri muka hango mutane a gefen titi, motar gaba ta rage gudu, ashe manoma ne suka fake a ƙarƙashin bishiya da fatanyunsu. Sai da muka ga gine-ginen Gusau ya saki numfashi.

"Malam mai hoto," ya ce, "in ka sake samun aikin rana, ka nemi wani direban."

A daren nan na zauna gaban kwamfuta, na tsayar da Sabiru a daman kujera. Na mayar da inuwar hannun riga. Na zana masa tasa a ƙasa, ta tafi hagu tare da ta kowa, mai duhu a gindin ƙafa, tana laushi tana nisa. Na tura wa Nana Khadija, wannan karon ni na ce ta tura masa. Bai amsa ba. Alamar ta nuna ya gani, shi ke nan. Juma'a ta wuce babu labari, Zahra'u ta kira ni har na daina ɗauka, don ba ni da abin gaya mata.

Ranar Asabar na kai hoton Bungudu a cikin firem, aka rataye shi a zaure. Mutane sun cika ƙofar gida, dangin ango sun zauna, liman ya iso. Nana Khadija tana leƙowa daga cikin gida tana komawa. Bashiru yana tsaye a gefe, yau babu wasa a bakinsa, don an gaya masa in wansa bai zo ba shi zai zauna a wurin, ya kuma yi bayani. Liman ya tambayi waliyyin amarya. Mutane suka fara waige-waige.

Sai ga Sabiru ya ratso mutane cikin farar rigar nan. Bashiru ya tare shi ya durƙusa har ƙasa. Sabiru ya ɗago shi, ya ce, "Tashi, na zo da ranata," ya wuce ya zauna gaban liman. Aka ɗaura aure.

Bayan an shafa fatiha na gan shi a zaure ya tara dattawa a gaban hoton. Yana nuna musu hannun rigar da yatsa. "Kun ga wannan? Ba mai hoto ya zana ba. Tun ranar tana nan. Ni ne nan tsaye." Dattawan suna gyaɗa kai suna cewa Allahu akbar. Wani ya juyo ya tambaye ni ko haka ne, na ce masa ai ga shi yana gani.

Ina haɗa kayana aka ce Inna Rabi tana kira. Na same ta a ɗakinta, ta yi mini godiya, ta sa mini albarka har na ji kunya. Sannan ta jawo wata tsohuwar adaka ta buɗe.

"Ina neman turmin zane na amarya na ci karo da wanga. Mai hoton nan biyu ya wanko mana, ɗaya aka yanke, ɗaya na ajiye na manta. Ni idona ba ya gani sosai yanzu. Ka tafi da shi, ko zai yi maka amfani a aikinka."

Na karɓa da hannu biyu, na fito tsakar gida inda akwai haske. Ga Malam Umaru a kujerarsa, ga inuwar a hannun rigarsa, ga gefen da almakashi bai taɓa ba. A dama, daidai inda na tsayar da Sabiru, ragon layya ne ɗaure a jikin turke.